Ga 'yan ajina masu zana JAMB ranar Asabar

Assalamu alaikum. Yau Alhamis da safe, saura kwana biyu cif. Daga yanzu ban yarda kowa ya buɗe babin da bai taɓa karantawa ba. Wanda bai gane lissafin mol a wata shida ba, ba zai gane shi a daren Juma'a ba, sai dai ya rikita abin da ya riga ya zauna masa.

Yau ku ɗauko tambayoyin shekarun baya da muka yi tare, ku nemo waɗanda kuka faɗi. Su ne karatunku na yau. Akwai abin da ka sani sarai, akwai wanda ba ka san komai a kai ba, akwai kuma wanda ka sani rabi da rabi. Na ukun nan ne ke kawo maki a kwana biyu. Bayan la'asar ku zauna gwaji guda da agogo a gaba: tambaya 180 cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, 40 a kowane darasi cikin ukun da suka rage. Wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya, don haka wadda ta cije a wuce ta, a dawo mata daga baya. Kafin lokaci ya cika a cike duk gurbin da ya rage ko da canke ne, ba a rage maki don an yi kuskure.

Gobe bita kawai, daga asuba zuwa lokacin masallaci: ƙa'idojin Fizis da kuka tara a takarda ɗaya, zanen Bayoloji, sunayen taurarin littafin Ingilishin da aka ɗora muku. Bayan an sauko daga Juma'a, wanda bai san cibiyar jarabawarsa ba ya je ya gan ta da idonsa. Daga Panshekara zuwa Hotoro ba nan kusa ba ne, balle da sassafe ana neman adaidaita. A buga takardar shiga kwafi biyu.

'Yan mata, ko bikin wa ake yi, kada lalle ya taɓa yatsunku. Na'urar tantancewa kan ƙi karanta yatsa mai lalle, kuma magiya ba ta buɗe ƙofar.

Gobe ana idar da isha'i a rufe littafi. Ban da kofi, ban da goro, ban da tsoma ƙafa a ruwan sanyi don korar barci. Waya a miƙa wa Umma ta ajiye, tun da ko ranar Asabar ba za a shiga da ita ba, haka agogon hannu. Masu turo wai “amsoshin gobe” kuɗinku suke so. In barcin ya ƙi zuwa, a kwanta dai a kashe fitila.

Ranar Asabar da safe a karya da abin da ciki ya saba da shi, koko da ƙosai sun isa. Allah Ya ba da sa'a.

Malaminku na Kemistiri