Neman a Maido da Kuɗin da Aka Biya Sau Biyu kan Takardar Neman Biya Mai Lamba 0738

Daga Ofishin Akanta,
Shagon Taki da Kayan Noman Rani,
Titin Abdullahi Fodiyo, Sakkwato.
Litinin, 17 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Manajan Kuɗi,
Sashen Sayar da Takin Zamani,
Hanyar Gusau, Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin Alhaji mai shago domin mu nemi ku maido mana da naira 4,560,000 da suka shiga asusunku karo na biyu a kan takardar neman biya guda ɗaya, wato mai lamba 0738 ta ranar 5 ga Nuwamba, wadda kuka ba mu kan buhu 120 na takin yuriya a kan naira 38,000 kowane buhu.

Ga yadda abin ya faru. Ranar Juma'a 7 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, mun tura muku kuɗin ta manhajar banki, sai ta nuna cewa ba su tafi ba, alat kuma bai shigo ba har aka tashi kasuwa. Da yake motar ɗaukar kayan tana jira, kuma mai kula da sito ya ce ba zai saki buhu ko ɗaya ba sai ya ga shaidar biya, kashiyanmu ya je reshen banki da safiyar Litinin 10 ga wata ya cike takardar taransifa, aka sake tura adadin nan cif. Sai ranar Alhamis, da muka karɓi bayanin asusunmu, muka tarar cewa turawar Juma'a ita ma ta wuce, ta yadda naira 9,120,000 suka fita daga wurinmu alhali kayan da muka karɓa buhu 120 ne kawai, kamar yadda takardar rakiyar kaya da direba ya sa wa hannu ta nuna.

Mun tuntuɓi bankinmu, suka tabbatar mana a rubuce cewa turawar biyu duk sun sauka a asusunku, kuma suka ce tunda kuɗin sun riga sun shiga hannun mai asusu, hanya mafi sauƙi ita ce ku da kanku ku mayar. Na haɗo da wannan wasiƙa kwafin takardar neman biyan, da rasit na kowace turawa mai ɗauke da Session ID ɗinta, da shafin bayanin asusu inda na ja layi ƙarƙashin fitar kuɗin guda biyu, domin akantanku ya gwada da nasa littafin ba tare da wahala ba.

Wakilinku na ciniki ya ba mu shawara ta waya cewa a bar kuɗin a wurinku a matsayin kafin alƙalami na sarin da za mu yi nan gaba. Mun gode da wannan tayi, mun kuma san da kyakkyawar niyya aka yi shi, amma ba za mu iya karɓa ba. Yanzu ne manoman albasa na Wurno da Goronyo da Kware suke dashe, kuma abin da suke tambaya a shago shi ne injin ban ruwa da tiyo da maganin feshi, waɗanda muka riga muka yi alkawarin biyan kuɗinsu kafin ƙarshen wata. Takin da muka ɗauka zai kai mu tsakiyar Disamba. Ban da haka, farashin buhu ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba mu so wata rana a zo ana jayayya kan ko da farashin yau za a lissafa ko da na ranar ɗaukar kaya, domin irin wannan ce take ɓata hulɗar da aka daɗe ana yi cikin amana.

Saboda haka muna roƙon ku mayar da kuɗin nan da ranar Laraba 26 ga Nuwamba, kuma a tura su cikin asusun shago da suka fito, wanda lambarsa ta ƙare da 4417. Kada a tura su asusun kowane mutum, ko da wani ya kira ya ce daga wurinmu yake. Cajin da banki zai cire wajen turawar ku zare shi daga ciki, mun yafe. Idan an tura, muna buƙatar rasit da kuma gajeriyar takarda mai hatiminku da ke nuna cewa an biya lamba 0738 sau ɗaya kuma babu bashi tsakaninmu, domin mu rufe lissafin wata da ita.

Idan akwai abin da bai yi daidai da littafinku ba, a shirye nake in zo ofishinku da takardun asali a duk ranar da kuka sa. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Wassalam.

Naku da girmamawa,
Akantan Shago,
a madadin Alhaji mai shago.