Rahoton Binciken Siton Magunguna na Asibiti, Oktoba 2024 zuwa Fabrairu 2025

Zuwa ga: Babban Likita Mai Kula da Asibiti
Daga: Sashen Odita na Cikin Gida
Rana: 17 ga Maris, 2025

Ranka ya daɗe,

Bisa umarninka, mun shiga siton magunguna daga Litinin 10 zuwa Laraba 12 ga Maris, tare da shugaban sashen magunguna da sitokifa. Cikin nau'i 412 da ke cikin leja mun zaɓi 60, muka ƙirga su da hannu, muka gwada da katin da ke rataye a jikin kanta da kuma baucar fitar da kaya. Guda 41 sun yi daidai, 19 ba su yi ba.

Bari mu fara da wa'adi. A ƙuryar sito mun zaro katan uku na amoksilin ruwa na yara, kwalba 144, waɗanda wa'adinsu ya ƙare tun ƙarshen Janairu. A gabansu an jera sababbi masu kaiwa 2026, kuma su ake ta rabawa. Ƙa'idar sito ita ce wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke fara fita, ko da jiya ya shigo. A nan wanda hannu ya fi saurin kaiwa ake ɗauka. Katin ma ba a rubuta masa lambar rukuni ko ranar ƙarewa, don haka mai duba takarda kawai ba zai taɓa ganewa ba. An ware kwalaben, an kulle. Kada a ƙona su a bayan asibiti. A rubuta wa hukumar NAFDAC a lalata su a gabanta.

Firij ya fi damunmu. Oksitosin da insulin da ke ciki ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Takardar zafi da ke manne a ƙofar kuwa, safe da yamma, 5 aka rubuta tun daga 1 har 28 ga Fabrairu, da biro ɗaya, da hannu ɗaya, har da kwana biyun da littafin janareta ya nuna babu wuta. Wannan cike gurbi ne aka yi a zama ɗaya. Oksitosin da ya sha zafi ba ya sauya kama, sai dai a gan shi ya gaza a kan mai jego tana zubar da jini, ga shi kuma bazara ta kawo jiki.

Giɓi mafi girma a allurar seftiriyakson ne: kati ya ce 1,240, kanta ta ce 1,085, saura 155. Da muka matsa, sitokifa ya jawo aljihun teburinsa ya fito da guntayen takardu, wasu an yago su daga littafin rubutu, wata ma bayan kwalin magani ce. Duka daga sashen gaggawa suke, na dare da na Asabar da Lahadi. Ya ce, "Yallaɓai, mutum na kwance rai a hannun Allah, zan tsaya neman bauca?" Ba mu ga laifinsa a ba da maganin ba. Laifin shi ne gari ya waye, mako ya zagayo, ba a mayar da takardun cikin kati ba. Da su muka gano 120. Ragowar 35 har yanzu babu bayaninsu. Ba mu ce sata ba ce, amma ba mu da abin da za mu wanke kowa da shi, kuma kuɗin asusun juya magani ne.

Farasitamol ya yi rarar fakiti 6. Da alama an rubuta an fitar, ba a zo an ɗauka ba.

Fetidin daban yake, domin yana cikin magungunan da doka ta tsananta a kansu. Rajista ta ce 46, akwatin ƙarfe 44. An ce biyu sun fashe a ɗakin tiyata, amma babu fasassun kwalaben, babu sa hannun shaida. Muna neman bayani a rubuce daga wanda ya karɓa kafin Juma'a 21 ga wata.

Shawararmu, a ajiye littafin bauca na gaggawa mai lambobi a jere a hannun mai aikin dare, a shigar da shi kati kafin ƙarfe goma na safe. A ƙara wa kati gurbin rukuni da wa'adi, duk abin da ya rage masa wata shida a ɗaura masa jan ƙyalle. A raba aiki, mai riƙe makulli daban, mai rubuta leja daban, don a yanzu mutum ɗaya ne. Maganin da ke cikin firij kuma shugaban sashe ya yanke hukunci a kansa cikin makon nan, kafin a sake fitar da ko ɗaya.

Za mu dawo ƙirga ba tare da sanarwa ba bayan Sallah.

Naka cikin aiki,
Shugaban Sashen Odita na Cikin Gida