Bokitin Ƙofar Shago

Saura sati uku ƙaramar sallah Malam Ɗanlami ya dawo daga Kantin Kwari da dila biyu na atamfa. A shagonsa na kasuwar Wunti ya shimfiɗa turmi guda, ya ɗauki hoto a gefen da rana ke haskawa, ya ɗora a WhatsApp: "'Yar waje ce zalla. Ba ta zuba, ba ta koɗewa, ko kwana bakwai za ta yi a ruwa."

Ya san roba-roba ce mai sauƙin kuɗi. Ya dai ce a ransa, ai kowa haka yake talla.

Kafin kwana goma dila ɗaya ta ƙare. Har Azare da Misau aka riƙa kai kaya tasha.

Bayan sallah ne waya ta fara ruri. Wata ta turo hoton baho, ruwan ciki jajur kamar zoɓo. Wani magidanci daga Yelwa ya dire turmi uku a kan kanta, ko sallama bai yi ba. Ɗanlami ya yi ta cewa sabulun ne mai ƙarfi, har ranar da Hajiya Ladi ta sauko daga Keke Napep riƙe da leda. Turmi 25 ta saya na ankon bikin 'yarta. Ta zaro farin mayafi duk ya yi dabbare-dabbare.

"Ɗanlami, tun kana yaron shagon mahaifinka nake sayayya a nan. Da ka ce min tana zuba, da na saya a hakan, in gaya wa mutane su wanke ta ita kaɗai. Yanzu da wane ido zan kalli dangin ango?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, kamfanin ne..."

"Kamfanin ne ya rubuta, ko kai?"

Bai amsa ba. Maƙwabta duk sun yi tsit. A makon nan ya sayar da babur ɗinsa ya biya duk wanda ya dawo da kaya, har da waɗanda suka riga suka ɗinka.

Tun daga nan akwai bokiti da sabulu a ƙofar shagon. Duk kayan da ya sauke sai ya yanki ƙyalle ya wanke a gaban waya, sannan ya rubuta abin da ya gani: "Tana zuba a wankin farko, a ware ta daban." Ciniki ya ja baya sosai. Wasu ranakun sai la'asar yake buɗe hannu.

Gab da babbar sallah wata budurwa ta tsaya a bakin shagon, ta nuna wata shuɗiya.

"Baba, wannan fa?"

"Tana ɗan zuba, 'yata. Waccan ta fi ta, amma ta fi tsada."

"Hajiya Ladi ce ta aiko ni. Ta ce ka jiƙa ƙyallen duka biyun a gabana tukuna."

Ɗanlami ya jawo bokitin, ya ɗauki almakashi.