Takarda zuwa ga iyayen ƴan aji biyar: darasin tarihin Damagaram

Zinder, Alhamis 8 ga Janairu 2026

Assalamu alaikum iyaye maza da iyaye mata, da kakanni, da duk wanda yake riƙon yaro a ajina. Ina kwananku, ya sanyi, ya ɗawainiyar yara? Allah ya saka muku da alheri. Ni ne mushen aji biyar, wato CM1, na rubuto wannan takarda da Hausa da gangan don kowa ya ji da kunnensa, wanda bai iya karatun boko ba yaron ya karanta mishi, ko maƙwabci, kuma zan karanta ta da murya in tura a gurup ɗinmu na wasap yau da dare in Allah ya yarda.

Daga ran Litinin 12 ga wata za mu shiga sabon darasi a fannin tarihi, sati 4 za mu yi a kansa, tarihin garinmu ne, Damagaram. Abin da ya sa na ga lalle sai na yi muku magana kafin mu fara, satin da ya wuce na tambayi yara a aji wa ya gina garun Birni, yara 63 gare ni, hannu 4 kawai ya tashi, kuma cikin huɗun ɗaya cewa ya yi Nasara ne suka gina. Wallahi ranar na koma gida jikina a sanyaye. Wasu yaran nan kullum ta gindin ragowar garun suke biyowa su zo lakwal, suna hawan duwatsun Birni suna wasa, da sallah iyayensu na ɗaga su bisa kafaɗa su ga hawan sarki da dogarai, su ga hawan ƙaho, amma ba su san mafarin ko ɗaya ba. Laifin ba nasu ba ne, mu manya ne muka yi shiru.

A satin farko za mu ga yadda sarautar ta samo asali. Za su ji sunan Malam Yunus, malamin da ya fito daga wajen Barno wanda daga gare shi gidan sarautar ya faro wajen shekarun 1730, da yadda sarakunan farko suka zauna a ƙauyuka daban-daban kafin Sarki Sulaiman ya maido gadon sarauta nan Zinder a farkon shekarun 1800, kuma za su ji cewa Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Barno. A nan ne kuma zan koya musu layin zamani, igiya ce za mu ɗaura daga wannan bango zuwa wancan mu rataye takardu masu shekaru a jikinta, yaro ya gani da idonsa me ya riga me. Wannan shi ke ba su wuya ƙwarai, don a wurin yaro ɗan shekara 10 da zamanin Sarki Tanimun da ƙuruciyar kakarsa duk "da can" ne.

Sati na biyu na Tanimun ne, kuma nan za mu daɗe don nan labarin ya fi kauri. Shi ne ya kewaye Birni da garu, a zamaninsa aka ƙera igwa a cikin garin nan da hannun maƙeran garin nan, ƙasar ta faɗaɗa, ya rasu a 1884. Ina son yaro ya gane cewa arzikin garin fatauci ne ya kawo shi, ayarin raƙuma na saukowa daga Tarabulus su biyo ta Gat da Agadas su sauka nan kafin su wuce Kano, da gishiri da tufafi da kayan arewa, su koma da fatu da gashin jimina da hatsi. Sunan unguwar Zango ma daga nan ya fito, wurin da ayari ke yada zango ne a bayan garu, Buzaye da sauran fatake can suke sauka. Duk lokacin da na faɗi wannan a aji sai ka ga ƴan Zango sun gyara zama. Akwai ma wani Bature Bajamushe, Heinrich Barth, da ya sauka garin nan a ƙarshen 1852 ya rubuta abin da ya gani.

Akwai magana guda da ba zan ɓoye muku ba. A wancan zamani an yi cinikin bayi, kuma Damagaram na cikin garuruwan da aka yi shi, darasin zai taɓo wurin kuma ba zan tsallake ba don gaskiya ce. Amma na riga na kafa doka, duk yaron da ya ce wa ɗan'uwansa bawa ko ɗan bayi, ko ya goranta mishi sana'ar gidansu, ni da shi ne, kuma zan kira uban. Don Allah ku ma ku ja musu kunne tun daga gida, kun san bakin yara, abin da suka ji ana faɗa a tsakar gida shi suke kawowa lakwal.

Sati na uku zuwan Faransawa. Kaftin Cazemajou da aka kashe a nan a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, sai yaƙin Tirmini a 1899, can yamma da gari bisa hanyar Maradi, wanda bayansa suka shiga Zinder. Daga baya garin nan ya zama babban birnin ƙasar a hannunsu har zuwa 1926 da aka maida shi Yamai, ku duba, bana shekara 100 ke nan cif. Daga nan mu gangaro zuwa 18 ga Disamba 1958, ranar kafa jamhuriyar Nijar, da 3 ga Agusta 1960, ranar samun ƴancin kai, waɗannan biyun sun saba jinsu. Satin ƙarshe kuwa maimaici ne da haɗa aikin da suka kawo daga gida.

To aikin gidan nan shi ne ainihin dalilin takardata. Kowane yaro zai samu dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, kaka ko kakan maƙwabta ko limamin unguwa ko mai unguwa, ya zauna gabansa da ladabi ya yi mishi tambayoyi, ya rubuta amsar a kaye. Tambayoyin masu sauƙi ne, daga ina kakanninmu suka zo, me ya sa unguwarmu take da wannan suna, wace sana'a ce ta gidanmu kuma wa ya fara ta, a ina ake ɗibar ruwa lokacin ƙuruciyarku, wane labari kuka ji daga bakin naku kakannin. Na san da yawanku za su ce mushe ni ban yi lakwal ba me zan koya mishi. Baba, Inna, rabin darasin nan a bakinku yake, ni littafi gare ni mai shafi biyu da rabi a kan Damagaram, ku kuwa kuna da abin da ba a taɓa rubutawa ba. Bara wata yarinya ta kawo mini labarin kakarta, yadda suke tashi tun kafin kiran assalatu su bi layi a rijiya da tulu, in sun dawo rana ta take, da waƙar da suke yi a hanya, ta rubuta waƙar baiti 3 da bik ja a ƙasan shafi, da ta tashi karantawa ajin nan tsit ya yi har ta gama, ni kaina ban taɓa jin waƙar ba. Wani yaro kuma gidansu majema ne, ya zo da guntun jan fata da ƴaƴan bagaruwa a leda ya nuna mana abin da ake jima da shi.

Roƙona, kar ku rubuta musu, kar babban wa ya karɓi kayen ya cika shi da Faransancin koleji, ina ganewa daga layin farko. Yaro ya rubuta da Hausa yadda aka faɗa mishi ko da kuskure, in gidan da Barbarci ko Fillanci ko Buzanci ake magana a yi hirar da shi, mu taru a aji mu juya abin da za mu iya zuwa Faransanci. In tsoho ya faɗi abin da ya saɓa da littafi kar yaro ya ce mishi ƙarya ne, ya rubuto yadda ya ji, gwada maganar baki da ta takarda shi ma darasi ne da nake so su koya. Kuma a zaɓi lokaci, bayan la'asar ko bayan isha'i in an ci tuwo, minti 20 ya isa, ba sai an hana yaro makarantar allo ba. Iyaye mata, ina roƙo na musamman a kan ƴan mata, a ɗan sassauta musu talla da ɗibar ruwa a ranar da za su yi hirar, sau da yawa su ke kawo aikin da ya fi kyau in an ba su sarari.

Ban da wannan, in yaro ya dawo ku tambaye shi yau wa kuka karanta, ya ba ku labari da bakinsa. Wanda ya iya ba uwarsa labarin Tanimun da Hausa ba ya mantawa ran kwampozisiyo. Shekarun da nake so su zauna musu daram guda 5 ne kawai, 1884, 1899, 1926, 1958, 1960, kuna iya tambayarsu ko a bakin murhu.

Ran Alhamis 29 ga wata da safe za mu fita da ƙafa, darakta ya amince, za mu ga ragowar garu, mu tsaya ƙofar fada, mu bi ta lungunan Birni su kalli zanen da magina ke yi a fuskar gidaje, kowa ya zana guda a kayensa. Ƙarfe 8 za mu tashi daga lakwal mu dawo kafin azahar. Ba kuɗin mota, kar yaro ya ce muku an ce a kawo ko dala. A sa mishi rigar sanyi da takalmi, a ba shi ruwa a gora, mai tari ko asma a faɗa mini tun kafin ranar saboda ƙurar hunturu. Ina neman iyaye 4, maza biyu mata biyu, su raka mu, don ni kaɗai da yara 63 bisa titi ga kabu-kabu ba zai yiwu ba. Wanda ba ya son ɗansa ya fita ya aiko mini, ba komai, zai zauna wurin madam ta aji huɗu.

Kayan aiki ƙaramin kaye ɗaya ne da kiriyo, in akwai tsohon kaye mai sauran shafi ma ya wadatar, wanda abin ya yi wa nauyi ya same ni a keɓe, ba wanda zai ji. In akwai tsohon abu a gida, hoto ko tsohon kuɗi ko kayan sana'a, kar a ba yaro ya zo da shi kar ya ɓace, ku riƙe sai ran Asabar 7 ga Fabrairu ƙarfe 10 na safe, ranar ce muke gayyatarku lakwal kafin azumi ya kama, yara za su karanta abin da suka rubuto. Ku zo mana da tsofaffin da aka yi hira da su in ƙafa ta yarda, za mu shimfiɗa musu tabarmi a inuwar bedi, kujerun aji sun yi musu ƙanana.

Mai tambaya yana samuna a bakin aji kowace rana in an tashi. A gaida mutan gida.

Naku,
Mushen aji biyar