Ƙaramin bashi shi kaɗai ba ya korar talauci

Malam ya ce kowa ya ɗauki ɓangare ɗaya ya kare shi, to ni dai ga nawa: bashin da ƙananan bankuna ke ba talaka, wanda muke kira maikurofainas, yana da amfaninsa amma shi kaɗai ba ya fitar da mutum daga talauci, kuma 'yan siyasar da ke nuna shi a matsayin magani sun fi kowa sanin haka.

Na san da yawa a ajin nan za su kawo Muhammad Yunus, masanin tattalin arzikin nan na Bangaladash, don haka bari in riga su. Gaskiya ne, a 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangaladash, daga nan bankin Grameen ya taso, har aka ba shi da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Labari ne mai daɗi, ni ma da na fara jinsa sai da na ce ai shi ke nan an gano bakin zaren. Amma da masana suka tsaya suka gwada abin da kyau, wato a ba wasu damar cin bashin a bar wasu sannan a dawo daga baya a kwatanta, sai labarin ya yi sanyi. A 2015 an fitar da sakamakon irin wannan gwaji daga ƙasashe 6, Indiya, Maroko, Habasha, Mongoliya, Bosniya da Meziko, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: wasu sun faɗaɗa sana'a, musamman masu sana'a tun da farko, amma kuɗin da ke shiga gidan talaka da abin da yake ci bai wani canza ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya ma a 2010 abin rikicewa ya yi, bashi ya yi wa mutane katutu, masu karɓa suka matsa musu lamba, har gwamnatin jihar ta sa doka ta taka wa masu ba da rancen birki.

Ni kam ba sai na je Indiya ba, a gidanmu na gani. Gwaggona tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a unguwar Mabera ta Sakkwato shekara da shekaru. Wasu ma'aikatan wani ƙaramin banki suka shigo unguwa suka haɗa mata goma goma, kowacce ta tsaya wa 'yar'uwarta, aka ba ta dubu 50 za ta mayar da dubu 60 cikin sati 20, dubu 3 kowace Talata. Watan farko wallahi har murna muke, ta sayi gyaɗa da yawa maimakon tiya biyu uku da ta saba, ta ƙara kwalabe. Sai damina ta faɗi, autanta ya kwanta da zazzaɓin sauro aka yi kwana huɗu a asibiti, kuɗin magani da ƙarin ruwa duk daga cikin jarin suka fito, gyaɗa ta yi tsada, mai injin niƙa ya ƙara kuɗi don babu wuta da man fetur yake aiki, kuma mata huɗu cikin goman nan duk ƙuli-ƙulin suka koma yi a layi ɗaya, masu saye kuwa su ne dai na jiya ba su ƙaru ba. Talata ba ta san da wannan ba, tana zuwa ma'aikaci zai faka babur a ƙofar gida ya zauna a kan dakali da littafinsa. Ranar da ta sayar da akuyarta don ta cika na sati uku na ce mata Gwaggo ai da kin bari mun roƙe su, ta ce "Ɗana, wanga bashi ba na banki ba na, na mata tara na, ina zan kai kunyassu?"

Ba ragwanci ya kayar da ita ba, kuma ba rashin iya lissafi ba ne, ta fi ni iya lissafin kuɗi nesa ba kusa ba. Abubuwan da suka cinye jarin, asibiti da wuta da tsadar kaya, babu ko ɗaya da ke hannunta. Duk aikin gwamnati ne.

Shi ya sa nake cewa wannan magana ta siyasa ce kafin ta zama ta banki. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, kashi 63 cikin 100, kuma Sakkwato ce a sama da kusan kashi 91. Abin da aka auna a ciki ya haɗa da ilimi, lafiya, ruwan sha, makewayi, makamashin girki, aikin yi da tsaro. A faɗa mini wanne daga ciki dubu 50 za ta gyara? Manomin Sabon Birni ko Isa da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, ko aka sa wa ƙauyensu haraji kafin su yi girbi, in ka ba shi rance ka ƙara masa abin da zai hana shi barci ne kawai. Mai albasa a Goronyo ko Wurno da ba shi da wurin ajiya mai kyau dole ya sayar da araha lokacin kaka ko ta ruɓe a hannunsa. Da aka rufe boda ta Illela bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ƙananan 'yan kasuwa nawa ne jarinsu ya narke suna zaune? Ga cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki.

Kuma ba yau aka fara ba. Babangida ya kafa Bankin Jama'a, wato People's Bank, a 1989, Babban Banki ya fito da tsarin ƙananan bankuna a 2005, a 2018 aka yi ta yawo kasuwa kasuwa ana raba dubu 10 ta Tiredamoni ana gab da zaɓe. Raba rance yana da sauƙi, ana ɗaukar hoto, ana kiran adadin waɗanda suka amfana a rediyo, in sana'a ta mutu kuma laifin mai sana'a ne. Gina asibitin da ke da magani ko gyara madatsar ruwa kuwa yana cin shekaru, wataƙila ma wani ne zai zo ya yanke kyallen buɗewa. Ban ma taɓo maganar kuɗin ruwa ba, wanda a garin nan da yawa ba za su kusance shi ba saboda riba ce, gara su tsaya a adashinsu.

Wani zai ce to a rufe bankunan ke nan? A'a. Mai ɗinki da ke da kwastomomi, keke ɗaya kawai ya rage masa, rance zai ɗaga shi, na yarda. Amma ko a Bangaladash ɗin, ƙungiyar BRAC ta gane cewa mafi talauci ba bashi suke buƙata da farko ba, sai ta koma ba su dabba ko kayan sana'a kyauta, da ɗan kuɗin abinci na wasu watanni, da horo, da kula da lafiya, kuma da aka gwada wannan tsarin a ƙasashe da dama an ga ya fi tasiri. Ita ma Chaina da ta fitar da mutum kusan miliyan 800 daga matsanancin talauci cikin shekara 40, gyaran harkar noma da masana'antu da hanyoyi ne suka yi aikin.

Gwaggo dai ta biya dubu 60 ɗin cif, ba ta saɓa ko Talata ɗaya ba, don haka a littafin bankin tana cikin waɗanda suka yi nasara, har sun dawo sun ce ta cancanci dubu 100 a zagaye na biyu. Ta ce musu za ta yi shawara. Yanzu tiya biyu take soyawa kamar da, akuya ce dai babu.