Jawabin shugaban ƙungiyar manoman kofi a taron shiga kaka, Gembu

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na san wasu tun da sassafe suka hawo babur daga Kusuku da Nguroje cikin wannan hazo, don haka ba zan tsare ku ba.

Kun tuna bara da mai saye ya zo sito? A gabana ya kwance buhu, ya damƙo hannu guda ya baza a tafinsa. Bai ce uffan ba, sai dai ya riƙa tsame baƙaƙe da ƙanƙanannun ƙwayoyi yana jerawa a kan benci. Da ya ɗago, kuɗin da ya faɗa na kofi mai daraja ta biyu ne, kuma buhunanmu duka ya yi wa wannan kuɗin, har da na waɗanda suka wahala suka tsinci ja zalla. Wallahi ranar na ji kunya.

Arabika muke nomawa, kuma sanyin Mambilla ya ba mu abin da manomin ƙasa bai da shi. Amma ɗan kofi ba ayaba ba ne da za ka yanko ɗanye ya ƙarasa a ɗaki. In ka tsinke shi kore, ƙwayar ba ta cika ba, ba nauyi, kuma bauri take sa wa abin sha. Wanda ya wuce nuna ya yi baƙi kuwa tsami yake kawowa. Sai ka tara kusan kilo 5 zuwa 6 na 'ya'ya kafin ka samu kilo 1 na busasshiyar ƙwaya, to ina ribar cika bokiti da abin da za a zubar?

Ja muke so, wanda in ka matsa shi da yatsa biyu ƙwayar ta sulluɓo. A daina kama reshe ana zage shi gaba ɗaya. Ban da koren da ake haɗowa, ana raunata idon da zai yi fure baɗi. A tsinci nunannu, a bar saura, a komo bayan kwana 10 ko mako 2.

Na san aikin ya fi cin lokaci, kuma na san inda gizo ke saƙar: 'yan ƙwadago da bokiti ake biyan su, dole su yi sauri. Ku ƙara musu wani abu a kan bokitin ja zalla. Ni ma a gonata haka zan yi.

Daga ranar Asabar, duk abin da aka kawo za mu baza shi a tabarma mu tsince kore, sannan mu zuba a ruwa. Wanda ya taso sama a gefe za a auna shi, kuɗinsa daban. A kawo ranar da aka tsinka, kafin la'asar, kada ya kwana a buhu ya yi zafi. Mai tambaya ya ɗaga hannu, sakatare na rubutawa.