Tambayoyi uku ga masu cinikinmu

Assalamu alaikum. Wannan takarda daga shagon hatsi da kayan miya na Malam Sani ce, a nan Agege. Muna roƙon Alhaji ko Hajiya a ba mu minti biyu kafin a wuce.

Mun san halin mutanenmu. Mutum zai sayi wake ya tarar da ƙwari a ciki, washegari a tambaye shi ya ce "ba komai", daga nan kuma ba a ƙara ganinsa. A Legas masu saye da sayarwa ba sa ƙarewa, wanda bai ji daɗinmu ba taku goma zai yi ya samu wani shagon, mu kuwa ba za mu taɓa sanin abin da ya kore shi ba. Shi ya sa muka ce a faɗa mana a rubuce, ba suna, ba lambar waya, don kada kunya ta hana faɗin gaskiya.

1. Yaya kuka ga cinikinku na yau?

A zagaye lamba ɗaya.

1 Ban ji daɗi ba ko kaɗan
2 Ban gamsu ba
3 Ba yabo ba fallasa
4 Na gamsu
5 Na gamsu ƙwarai

A haɗa komai a auna: kyan kaya, cikar awo, da irin tarbar da yaran shago suka yi muku. Awon nan musamman a duba shi. Wanda ya saba da mudu ko tiya a gida, ya zo nan ya tarar ana awo da derika da bokitin fenti, yakan ji kamar an rage masa. In kun ga derikarmu ba ta cika ba, ku ba mu 1 ko 2, ba za mu ji haushi ba.

Maganar farashi kuwa mun san tana ran kowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ɗauko buhu daga Arewa ya tashi, ga kuma kuɗin kawo shi nan daga kasuwar Mile 12. Ba mu da iko a kan wannan. Abin da muke son sani shi ne, kayan da kuka karɓa sun kai kuɗin da kuka biya?

2. In ɗan'uwanku ya sauka Legas yana neman inda zai sayi kayan abinci, za ku turo shi wurinmu?

A zagaye ɗaya: E / A'a / Sai na yi tunani

Wannan ce tambayar da ta fi mana nauyi. Mutum na iya ci gaba da zuwa shago don kawai shi ne kusa da gida, ko don ana ba shi bashi zuwa ƙarshen wata. Amma ba ya tura ɗan'uwansa inda yake tsoron a ba shi kunya. Yawancin masu cinikinmu na Dopemu da Ogba da Iyana Ipaja ta haka muka same su, wani ya gaya wa wani. Wanda ya zaɓi "Sai na yi tunani", don Allah ya faɗi dalili a tambaya ta uku.

3. Wane abu ɗaya ne kuke so mu gyara?

A rubuta a bayan takardar. Ɗaya tak, wanda ya fi damun ku. Ko tsakuwa ce a shinkafar gida, ko kuka ce ta kwana biyu, ko daddawa ta yanke ba a kawo ba, ko jiran shigowar kuɗi bayan an tura ta waya, ko rashin canji da safe. In wani yaro ne ya yi muku magana ba ladabi, a faɗi ranar kawai, mu za mu bincika a tsakaninmu. Addu'a da yabo muna so, amma a ajiye mana su sai mun haɗu, wannan gurbin na gyara ne.

Ana iya rubutawa da boko ko da ajami, duk muna karantawa. Wanda rubutu ke ba shi wahala ya tafi da takardar gida wani ya cike masa, kada dai ya ba yaron shago, don a gabansa ba kowa ke iya cewa 2 ba. Hajiyoyin da ke aiko yara su ma a kai musu, su ne masu girkin, su suka san waken da ya nuna da wanda ya ƙi.

In an gama a naɗe a jefa a akwatin da ke bakin ƙofa. Ni kaɗai nake buɗe shi, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ƙarshen kowane wata za mu rubuta a allon gaban shago abin da aka fi kuka da shi da abin da muka yi a kai. Takarda ɗaya ta isa a wata, ba sai an cike duk zuwa ba.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Malam Sani, mai shago